Minti Ɗaya na Amana: Yadda Gwani Ke Rubuta Tallan Ɗaukar Ɗalibai

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa farkon Satumba, wayoyin iyaye a Kano da Kaduna da Zariya kan cika da gajerun bidiyo na makarantun kuɗi masu neman sababbin ɗalibai. Akasarinsu zubinsu ɗaya: a ɗauko rufin makarantar daga sama, a saka kiɗa mai ƙarfi, sai wata murya ta taso kamar mai shelar dambe tana cewa makarantar ba ta da ta biyu, malamanta ƙwararru ne, gurbi ya kusa ƙarewa, a yi hanzari. Uwa ta kalla, ta shafa allon wayarta, ta wuce. Amma jefi-jefi akan sami wani bidiyon da ba shi da hayaniya ko kaɗan, uwa ta kalle shi har ƙarshe, ta maimaita, sannan ta tura wa maigida da 'yar gajeruwar magana: "Duba wannan, ko za mu je ranar Asabar?" Ba tsadar kyamara ce ta bambanta su ba. Tun a kan takarda aka bambanta, a hannun wanda ya zauna ya rubuta abin da za a gani da abin da za a ji, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ina ganin girman masu wannan aikin ƙwarai, domin a minti ɗaya ake so su taɓa abin da ya fi komai tsada a wurin mutum, ba tare da sun tsorata shi ko sun yi masa ƙarya ba.

Abin da gwanin ya gane, wanda ɗan koyo bai gane ba, shi ne cewa mai kallon ba ciniki ya zo yi ba. A wurinmu kai yaro makaranta ya fi kama da ba da aure: ana bincike, ana tambayar maƙwabta, ana son a san hannun wa za a danƙa amana. Kuma iyayen wannan zamani suna binciken ne da tabo a zuciya. Sun ga abin da ya faru a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe da Tegina a 2021, da Kuriga a Maris na 2024. Mutanen Kano ba su manta da Janairun 2022 ba, lokacin da aka gano gawar wata yarinya 'yar shekara biyar kuma mai makarantar da take zuwa ne aka kama da laifin, har gwamnatin jihar ta janye lasisin makarantu masu zaman kansu don a sake tantance su. A Yulin 2024 kuma ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin karatu. Duk wannan yana zaune a zuciyar uwar da ke riƙe da waya. Ga kuma ƙananan damuwoyi na yau da kullum, waɗanda su ne ma suka fi yawa: ko za a doke shi, ko za a bar ta da fitsari a wando, ko malama za ta lura in bai ci abinci ba, ko za a ƙara kuɗi a tsakiyar zango.

To, a nan gwanintar take. Marubucin kirki ya san wannan tsoron sarai, amma ba ya ambata shi. Ba zai rubuta "a wannan zamani na garkuwa da mutane" ba, domin da zarar kalmar ta fito, hoton da zai tsaya a kan uwa shi ne na garkuwar, kuma ta haɗa shi da sunan makarantar. Ba zai kuma rubuta "tsaro ɗari bisa ɗari" ba, domin babu uwa ko uban da ya yarda wani ɗan Adam na iya ɗaukar wannan alkawarin. Abin da yake yi shi ne ya nemo aikin da makarantar ke yi kullum wanda ke amsa tsoron, ya nuna shi a natse kamar ba wani abu ba. Uwa ta ga amsar tambayar da ba ta furta ba, sai hankalinta ya kwanta.

Shi ya sa aikinsa ba a kan tebur yake farawa ba. Zuwa yake yi ya zauna da wadda ke sayar da fom, ya tambaye ta abin da iyaye suka fi tambaya in sun shigo ofis, da kalmomin da suke faɗinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa da safe ya ga yadda ake karɓar yara, ya dawo lokacin tashi, wanda shi ne lokacin da makaranta ke nuna halinta na gaskiya, lokacin da 'yan a-daidaita-sahu da masu babura da yayye da 'yan aike suka cika ƙofa, kowa yana kiran nasa. Ya leƙa banɗaki. Ya tambayi malamar aji ɗaya abin da take yi in yaro ya fara zazzaɓi da tsakar rana. Daga nan yake fitowa da abubuwa kamar goma ko fiye, ya zubar da yawancinsu, ya riƙe huɗu ko biyar, saboda lokacin da ke hannunsa ba zai ɗauki fiye da haka ba.

Lissafin lokacin kuwa ba shi da sassauci. Irin wannan bidiyo a WhatsApp ya fi yawo, daga zauren matan unguwa zuwa na dangi, kuma sashen Status, wanda a da daƙiƙa talatin yake ɗauka, an faɗaɗa shi zuwa minti ɗaya a 2024. Minti ɗayan nan shi ne ma'aunin da ya fi dacewa: bai cinye wa uwa data ba, kuma bai kai ta gaji ba. Mutum in yana magana da Hausa a natse, yadda babba ke yi wa babba bayani, kalma biyu yake faɗa a daƙiƙa, ko da ɗan ɗori. Ke nan kalmomi wajen 120 ke gare ka, iyakarta 130. Rediyo kan cusa fiye da haka a minti ɗaya, amma saurin magana shi kansa alama ce ta mai son ya sayar maka da abu kafin ka yi tunani. Gwani ya fi son ya rage jimla guda a kan ya sa mai magana ta yi sauri.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce makarantar nazire da firamare ce a wata unguwa a Kano, mai haɗa boko da addini, yara ba su da yawa, ginin bai fi na maƙwabta kyau ba. Mai makarantar ya kawo nasa rubutun, wanda ya ce: makaranta ce ta zamani mai ƙwararrun malamai da ingantaccen tsaro da yanayi mai kyau na koyo da koyarwa, 'ya'yanku manyan gobe, a garzaya kafin a rufe. Babu ƙarya ƙarara a ciki, amma babu jimla ɗaya da wata makarantar ba za ta iya ɗauka ta sa sunanta a kai ba, kuma babu wadda kyamara za ta iya nunawa. Yaya ake ɗaukar hoton "ingantacce"?

Marubucin sai ya raba takardarsa gida biyu, hoto a gefe guda, murya a ɗayan, da lokaci a gaban kowane layi. Ga abin da ya fito da shi.

Daƙiƙa 0 zuwa 8. Hoto: safiya, bakin ƙofa, uwa ta sauko daga a-daidaita-sahu, malama ta sunkuya ta kama hannun yarinya. Murya: "Assalamu alaikum, iyayen yara. Ƙarfe bakwai da rabi muke buɗe ƙofa, kuma malamar aji ce ke karɓar yaronku da hannunta."

Daƙiƙa 9 zuwa 19. Hoto: cikin aji daga ƙofa, yadda duk kujerun za su fito. Murya: "A aji ɗaya yara ashirin da biyar ne, da malama da mataimakiyarta. Kafin mako ya zagayo ta san sunan kowa."

Daƙiƙa 20 zuwa 31. Hoto: yatsan yaro yana bin layi a littafi, sannan yara a zaune suna biya karatu. Murya: "Da safe boko, bayan azahar Alƙur'ani da addini. Duk Juma'a littafin yaro zai dawo gida, ku ga abin da ya koya da idonku."

Daƙiƙa 32 zuwa 43. Hoto: lokacin tashi, wani dattijo ya nuna kati, malama ta duba rajista, ta miƙa masa jikansa. Murya: "In an tashi, ba ma ba da yaro sai ga wanda kuka rubuta mana sunansa. In bai ji daɗi ba, mu za mu fara kiranku."

Daƙiƙa 44 zuwa 51. Hoto: takardar kuɗin zango a hannun uba, ana nuna masa da biro. Murya: "Kuɗin zango a rubuce yake, har da littattafai da yunifom. Ana iya biya kashi biyu."

Daƙiƙa 52 zuwa 60. Hoto: shugabar makarantar a tsaye a tsakar fili, sannan allo mai ɗauke da suna, da unguwa, da lambar waya ɗaya, da shekarar karatu. Murya: "Ku zo ranar Asabar, ƙarfe goma, ku zaga ko'ina, ku yi tambaya. Sai mun gan ku."

Kalmomin muryar nan ba su wuce 120 ba, kuma babu "nagarta" ko "inganci" ko "zamani" a cikinsu. Yanzu a duba abin da kowane layi ke yi.

Layin farko shi ne ya fi wuya, domin a daƙiƙa biyu ko uku na farko mai kallo ke yanke shawarar tsayawa ko wucewa. Ɗan koyo kan ɓata su da tambarin makaranta yana juyawa a kan baƙin allo. Wani kuma, da ya ji an ce a fara da abin da zai kama ido, sai ya cire sallama gaba ɗaya, wanda ga kunnen Bahaushe ya zama kamar an faɗo masa gida ba izini. Gwanin ya haɗa biyun: sallamar tana nan, gajeruwa, amma an ɗora ta a kan hoton da ya riga ya fara motsi. Hoton kuma shi ne ainihin lokacin da uwa ta fi jin nauyinsa, lokacin sakin hannu. Ya zaɓi malama ta karɓa, ba maigadi ba, kuma ya rubuta cewa ta sunkuya, saboda babban da ya rage tsawo don ya gaisa da yaro ya faɗi abu mai yawa game da wurin ba tare da an ce uffan ba. Da gangan aka rubuta wannan sunkuyawar. Irin waɗannan ƙananan umarni ne ke nuna marubucin ya tsaya a ƙofar ya gani.

Layi na biyu ya maye gurbin "ƙwararrun malamai" da adadi. Tsarin ilimi na ƙasa ya sa malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 25 a nazire, kuma iyaye sun san azuzuwan da suka ninka haka. Don haka "ashirin da biyar" magana ce mai nauyi, in dai gaskiya ce. Shi ya sa umarnin hoton ya ce a ɗauka daga ƙofa, kujeru duka su fito. Akwai uban da zai tsayar da bidiyon ya ƙirga, kuma marubucin yana son ya ƙirga ɗin. Da makarantar na da yara arba'in a aji, da gwanin bai taɓa batun adadi ba sam. Da ya nemi wata gaskiyar, kamar a ce malamar aji ɗaya shekararta ta bakwai ke nan a makarantar, ko kuwa duk malaman suna da shaidar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Nijeriya. Abin da ba zai yi ba shi ne a kwashe rabin yara zuwa wani ɗaki ranar ɗaukar hoto. Yaran da aka kwashe suna da baki, kuma iyayensu suna zauren da bidiyon zai shiga.

A layi na uku akwai abin da aka bari da gangan. Mai makarantar ya so a ce yaro zai haddace izu kaza a shekara kuma zai iya Turanci cikin zango ɗaya. Marubucin ya ƙi, domin alkawarin sakamako ba a hannun makaranta kaɗai yake ba. Yara sun bambanta, gidaje sun bambanta. Alkawarin da makaranta ke iya riƙewa shi ne na aiki: littafi zai dawo gida duk Juma'a. Wannan ya fi kwantar da hankali, saboda ya miƙa wa iyaye hanyar da za su sa ido da kansu. A makarantun sakandare wannan tarkon ya fi zurfi. Tallan da ya ce duk ɗalibai sun ci WAEC da NECO ba ko ɗaya da ya faɗi, uba mai lura yakan ji shi da wata ma'ana daban, domin kowa ya san akwai wuraren da ake cin jarrabawa ba da karatu ba. Gara a faɗi adadi na gaskiya da shekararsa, yara nawa suka zauna, nawa suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ko da akwai waɗanda ba su samu ba. Adadin da ke da giɓi ya fi kama da gaskiya, kuma iyaye sun san haka.

Layi na huɗu shi ne zuciyar rubutun, kuma shi na fi sha'awa. Duk maganar tsaro tana cikinsa, amma kalmar tsaro ba ta fito ba. Babu hoton waya mai ƙaya a kan katanga, babu maigadi da gora, babu allon kyamarorin sa ido. Waɗannan hotunan suna cewa akwai haɗari a nan, mun shirya masa. Uwa kuwa rabin farko take ji. Akwai ma wani dalili na biyu: bidiyon da ya nuna inda kyamarori suke, da yawan masu gadi, da hanyar da motar makaranta ke bi da lokacinta, ba iyaye kaɗai yake yi wa bayani ba. Don haka marubucin ya zaɓi kati da rajista da kaka. Kakan ma zaɓi ne na mai tunani, domin ya nuna cewa dokar ba ta tsame kowa ba, ko dattijon da kowa ya sani sai ya nuna kati, kuma ana yin hakan cikin mutunci da fara'a. Sai jimla ta biyu, "mu za mu fara kiranku", wadda ta amsa wani tsoron daban, na a ɓoye maka abin da ya sami ɗanka har sai ka gani da kanka da yamma.

A rubutun farko na wannan layin, a misalinmu, akwai jimlar da ta ce makarantar na da ma'aikaciyar jinya. Da marubucin ya bincika, sai ya tarar Litinin da Alhamis kaɗai take zuwa. Ya cire jimlar. Ma'auninsa ga kowace jimla tambayoyi ne masu sauƙi: wane ne ke yin wannan aikin, da sunansa? Ana yin sa kullum ko ranar baƙi? In uwa ta zo ba sanarwa ranar Talata, za ta tarar da shi? Jimlar da ta kasa amsa waɗannan, komai daɗinta, fita take yi. Wani lokaci binciken kan yi wa makarantar amfani fiye da bidiyon, domin a nan ake gane cewa katin ɗaukar yara da aka buga bara an daina duba shi tun zango na biyu, sai a farfaɗo da shi kafin a kunna kyamara.

Batun kuɗi masu makarantu da yawa ba sa son a taɓa shi, suna ganin zai kori mutane. Amma uba da aka tura wa bidiyo tambayarsa ta farko ita ce nawa ne, ta biyu kuma ina take. Abin da ya fi ci wa iyaye rai kuma ba yawan kuɗin ba ne kawai, a'a, kuɗin da ke ɓullowa daga baya: na littafi, na kayan wasanni, na walimar ƙarshen shekara, na kaza da kaza. Marubucin bai faɗi adadin ba, kuma yana da hujja. Bidiyo in ya shiga wayoyi ba ya mutuwa. Baɗi war haka wani zai sake tura shi, alhali farashin komai ya canja, sai uba ya zo da tsohon adadi a ransa ya ji kamar an yaudare shi. Don haka aka yi alkawarin da ba ya tsufa, cewa komai a rubuce yake, aka kuma sa shekarar karatu a allon ƙarshe don a san na yaushe ne.

Ƙarshen kuma gayyata ce, ba kora ba. "Gurbi ya kusa ƙarewa" yana tayar da hankali, kuma ya rushe duk natsuwar da aka gina a daƙiƙa hamsin da suka wuce. In da gaske akwai ranar rufe sayar da fom ko ranar jarrabawar shiga, a rubuta ta a allo kamar kowane bayani. Abin da muryar ke nema abu ɗaya ne tak, kuma mai sauƙi: a zo a gani. Gani ya kori ji, kuma makarantar da ta ce "ku zaga ko'ina" ta nuna ba ta da ɗakin da take kullewa in an yi baƙi. Lambar waya ɗaya ake sawa, ba uku ba, a bar ta a allo aƙalla daƙiƙa biyar, yadda mutum zai iya karanta ta sau biyu ko ya ɗauki hotonta.

Wa zai yi maganar? Gwanin yakan rubuta amsar a saman takarda: shugabar makarantar, ko malamar da iyaye za su tarar in sun zo. Muryar ɗan rediyo ta fi gogewa, amma muryar haya ce, kuma "mu" a bakinsa ba ta da nauyi. Domin ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce shugabar, sai a rubuta mata gajerun jimloli da za ta faɗa da numfashi ɗaya, da kalmomin da ta saba. In ta yi tuntuɓe a wuri ɗaya sau biyu, laifin jimlar ne, a sake ta. Haka batun kiɗa: akwai gidajen da kiɗa a tallan makarantar da ke koyar da Alƙur'ani zai sa a kashe bidiyon nan take. Sautin wurin ya wadatar, ƙararrawa, hayaniyar yara a fili lokacin tara, amon karatu daga nesa, in dai an kashe janareta kafin a naɗa. Kuma tun da mutane da yawa suna kallo ne ba sauti, a kasuwa ko a ofis ko da dare yara na barci, kowace jimla sai an rubuta ta a ƙasan hoto, da Hausa mai kyau, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suke. Makarantar da ta yi kuskuren rubutu a tallanta ta riga ta ba da amsa kan ingancin karatunta.

Akwai abubuwa biyu da marubuci mai sanin ya-kamata ke tuna wa mai makaranta tun kafin ranar ɗauka. Na farko fuskokin yara. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora izinin amfani da bayanan yaro a hannun iyaye ko waliyyi, kuma ko ba doka, ba daidai ba ne uba ya ga 'yarsa tana yawo a wayoyin mutane ba a tambaye shi ba. Sai a aika takardar izini gida, kuma a tsara hotunan yadda yawancinsu hannuwa ne da bayan kai da faɗin aji, ba a kiran sunan yaro, ba a nuna sunansa a bangon littafi. Na biyu, dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta tanadi a tantance talla kafin a sake shi, har da wanda za a sa a intanet, don haka ya kamata mai makaranta ya nemi bayani a kan wannan da wuri. Sai kuma lokaci, wanda shi ne kuskuren da aka fi yi: ana tuna talla ne a watan Agusta, lokacin da makaranta ta zama kango, ba yaro ko ɗaya. Rubutun nan duk a kan mutane yake, don haka a zango na uku ake ɗaukarsa, a watan Yuni ko farkon Yuli, a ajiye shi sai an yi hutu.

Kafin a kira mai kyamara, gwanin kan gwada takardar da hanya mai arha. Ya karanta da ƙarfi yana duba agogo. In ya wuce minti ɗaya, ya yanke jimla, ba ya ƙara sauri. Sannan ya karanta wa wata uwa da ba ta san makarantar ba, sau ɗaya, ya bar ta ta ɗan yi wani abu, ya tambaye ta abin da ta riƙe. In ta ce "makaranta ce mai kyau", rubutun bai yi ba, domin wannan ra'ayi ne da zai gushe kafin magariba. In ta ce "su ne ba sa ba da yaro sai da kati, kuma an ce a je Asabar", ya yi, saboda da waɗannan kalmomin za ta ba mijinta labari. Bayan an saki bidiyon ma ana gane inda ya gaza daga irin kiran da ke shigowa. In kowa yana tambayar ina makarantar take, allon ƙarshe ya yi sauri ko an rubuta lambar gida maimakon alamar da mutanen unguwa suka sani, kamar masallacin Juma'a ko gidan mai. In ana ta yaba bidiyon amma ba wanda ya zo, gayyatar ce ba ta fito da rana da lokaci ba.

Abu na ƙarshe da yake yi, wanda ba a biyansa a kai, shi ne ya buga takardar ya ba mutum uku: mai ɗaga wayar ofis, da maigadi, da malamar aji ɗaya. Uwar da ta kalli bidiyon za ta kira lambar, kuma wanda ya ɗaga dole ya san an ce ana biya kashi biyu, ya san ranar biyan kashi na biyun. Za ta zo ranar Asabar ƙarfe goma, don haka ƙofa ta kasance a buɗe tun kafin goma, banɗaki a wanke, takardar kuɗin zango a kan tebur, shugabar da ta yi maganar tana nan da kanta. In an shiga Satumba kuma, ranar farko ta zango, malamar aji ɗaya ta san cewa ƙarfe bakwai da rabi a bakin ƙofa ake son ta, ba a ofishin malamai ba, kuma haka za ta ci gaba da yi har ƙarshen shekara.